Abincin da Bai Karɓe Ki Ba, da Abincin da ke Shaƙe Numfashi: Yadda Za Mu Bambance Su

 

Kusan dukkanmu a nan da abinci muke sana'a. Wata tana saro madarar gari da fulawa a Singa ta ƙulla a leda, wata tana yin cincin da kek, wata awara, wata kuma ƙuliƙuli da yajinsa. Saboda haka da aka ce in yi magana a kan lafiya, na zaɓi wata kalma da kullum take bakinmu, wato "abincin nan bai karɓe ni ba". Kalma ɗaya ce, amma ciwo biyu ne a ƙarƙashinta. Ɗaya zai wahalar da ciki na wuni guda ya wuce. Ɗayan kuwa yana iya ɗauke numfashin yaro kafin a fito da shi daga layin shaguna zuwa bakin titi. Abin da nake so mu tashi da shi yau shi ne sanin wanne ne wanne, da abin da hannu zai yi idan na biyun ya zo.

Bari in fara da madara, tunda ita muka fi sani. Akwai wadda idan ta sha shayi mai kauri da safe, bayan awa ɗaya ko biyu sai ciki ya kumbura, ya riƙa ƙugi, iska ta cika shi, wani lokaci har da gudawa. Wannan aikin hanji ne. A cikin madara akwai wani irin sukari da ake kira laktos, kuma hanji yana buƙatar wani sinadari mai suna laktes kafin ya narkar da shi. Jarirai suna da shi sosai, amma mutane da yawa a ƙasashenmu idan sun girma sai ya ragu. Fulani makiyaya da dama suna riƙe nasu har tsufa, shi ya sa ba ya cika damun su. Idan sinadarin ya yi kaɗan, sukarin zai wuce babban hanji bai narke ba, ƙwayoyin da ke can su ruɓar da shi, shi ne iskar da zawon. Turawa suna ce wa wannan rashin jurewa.

Alamarsa babba ita ce yana tafiya da yawan abin da aka sha. Cokali ɗaya a shayi, lafiya lau. Kofi uku, sai hanyar banɗaki. Kuma sau da yawa mai wannan matsalar tana shan kindirmo ko nono ba ta ji komai ba, domin tsamin da ya yi ya riga ya cinye wani kaso na sukarin. Abin yana da takura, amma ba ya taɓa maƙogwaro, ba ya taɓa numfashi, kuma ba a neman allurar gaggawa dominsa. Maganinsa rage yawa.

Na biyun shi ne wanda likitoci ke kira alaji, mu kuma mun fi sanin fuskarsa da sunan borin jini. Shi ba ruwansa da narkewar abinci. Garkuwar jiki ce, wadda aikinta yaƙar cuta, take yin kuskure ta ɗauki wani abu a cikin abincin a matsayin abokin gaba. Da zarar ya shigo, sai wasu ƙwayoyi a cikin jiki su fesa sinadarai, babbansu ana kiransa histamin. Shi ne yake kawo ƙaiƙayi, da ruɗu-ruɗu a fata kamar cizon cinnaka, da kumburin leɓe da fatar ido, da amai. Yawanci cikin 'yan mintuna yake farawa, ba ya cika wuce awa biyu bayan cin abincin.

A nan babu zancen "ɗan kaɗan ne". Yaron da ke da alajin madara, abin da ya maƙale a jikin cokali ma ya ishe shi. Kindirmo ba zai cece shi ba, domin abin da jikinsa ke yaƙa, wato furotin na madarar, yana nan daram ko ta yi tsami. Tafasawa ma ba abin dogaro ba ce. To kun ga, yara biyu za a ce "madara ba ta karɓe su ba", amma ɗaya ana iya ba shi fura da nono, ɗayan kuwa furar nan tana iya kai shi asibiti ranga-ranga. Wanda zai tabbatar muku ko wanne ne shi ne likita. Kada a gwada a gida a ce "bari mu ba shi kaɗan mu gani". Kada kuma a hana yaro madara da ƙwai shekara da shekaru a kan zato, a bar shi da rama.

Abincin da suka fi kawo alaji ba su da yawa: gyaɗa, madara, ƙwai, kifi, jatan lande, waken suya, alkama, riɗi, da 'ya'yan itace masu ɓawo irin su kashu. Yanzu ku dubi gyaɗa kaɗai a girkinmu. Tana cikin yajin tsire, tana cikin labun da ake shafa wa kilishi, tana cikin miyar taushe, da kwaɗon zogale da na rama, da kunun gyaɗa, da man ƙuli. Mai injin niƙa ya gama markaɗa gyaɗar wata, ya zuba kayan miyarki a kai. An soya awara mai ƙwai a kasko, an soya dankali a cikin man nan. Duk waɗannan hanyoyi ne da abin ke shiga ba a gan shi ba.

Kada a ɗauka wannan tatsuniya ce. A watan Yulin 2016, wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta sayi burodi mai haɗi a filin jirgin sama na Heathrow. Tana da alajin riɗi, kuma an cuɗa riɗi a cikin ƙullin burodin ba a rubuta a jikin takardar ba. Ciwon ya kama ta a cikin jirgi. Mahaifinta ya yi mata allurar gaggawa har biyu, amma jirgi yana sama, asibiti yana nesa, ta rasu a ranar. Dalilinta ne aka yi doka a can, ta fara aiki a watan Oktoban 2021, cewa duk abincin da aka naɗe domin sayarwa sai an rubuta abin da ke ciki. Riɗi fa, irin wanda ake lodinsa a Dawanau, muke yin kantu da shi.

Wannan mummunan matakin na alaji shi ake kira anafilaksis. Sunan yana da nauyi a baki, ba sai kin iya faɗinsa ba, alamunsa nake so ki riƙe. Idan abin ya tsaya a fata, wato ƙaiƙayi, ruɗu-ruɗu, ɗan kumburin leɓe, mutum yana magana daidai yana numfashi daidai, to ƙaramin mataki ne. Ana ba shi maganin ƙaiƙayi irin Firiton, a zauna tare da shi ana lura, domin yana iya juyawa. Amma akwai wurare uku da idan ciwon ya taɓa ko da ɗaya daga cikinsu, an shiga gaggawa.

Wuri na farko maƙogwaro. Harshe ya kumbura, murya ta dushe ko ta canja, haɗiyar yawu ta gagara, ko ki ji wani ƙara yana fita idan yana jan iska. Ƙaramin yaro ba zai ce miki maƙogwarona ya ƙuntace ba. Sai dai ki ga yana cusa hannu a baki, yana dalalar da yawu, ko ya ce bakinsa yana masa zafi ko wani abu ya maƙale masa.

Wuri na biyu ƙirji. Tari ya taso ba ya tsayawa, numfashi yana fita da kyar yana shewa kamar na mai asma, ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja iska. Wanda dama yake da asma ya fi kowa shiga haɗari a nan, kuma shi ne aka fi ruɗewa a kansa, a ce ai asmarsa ce ta tashi. Idan ta tashi farat ɗaya bayan ya ci abin da ake zargi, a ɗauke ta a matsayin anafilaksis.

Wuri na uku jini. Jijiyoyin jini suna saki su buɗe, jinin ya daina isa kai yadda ya kamata. Babba zai ce jiri yake ji, ido yana duhu, gumi mai sanyi ya karyo, ko ya yanke jiki ya faɗi. Yaro kuwa sai ya yi laushi tiɓis kamar tsumma, barci ya nemi ɗauke shi ba lokacin barci ba. A fatarmu baƙa ba kullum ake ganin ja ko fari ba, sai a duba cikin leɓe, da dasashi, da tafin hannu. Kuma ku riƙe wannan: wani lokaci babu ko ƙurji ɗaya a fata. Kada a tsaya jiran borin jini ya fito kafin a yarda.

Nawa ne lokacin da ake da shi? Wani likita a Ingila, Richard Pumphrey, ya bi bayanan mutanen da wannan ciwo ya kashe, ya fitar da sakamakon a shekarar 2000. Ya samu cewa idan abinci ne sanadi, tsakanin ci da tsayawar numfashi ko zuciya yawanci wajen minti 30 ne. Idan harbin zuma ko rina ne, wajen minti 15. Ku auna wannan da cunkoson manyan motoci da 'yan dako a bakin Singa da yamma, sai ku gane dalilin da ya sa maganin ya kamata ya kasance a jaka.

Maganin guda ɗaya ne, sunansa adirenalin. Jikinmu ma yana yin sa, shi ne abin da ke sa gabanki ya faɗi idan kin tsorata. Idan aka yi allurarsa, yana matse jijiyoyin da suka saki jini ya dawo, yana buɗe hanyoyin iska a ƙirji, yana sassabe kumburin maƙogwaro. Firiton ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan, fata kawai yake lallashi, kuma yana daɗewa kafin ya fara aiki. Abin shaƙa na masu asma yana taimakon ƙirji, amma ba ya taɓa maƙogwaro ko jini, don haka bayan allura yake zuwa. Manja, madara, ruwan gishiri, sa yatsa a baki don ya yi amai, duk ba su da wurin zama a nan. Wanda maƙogwaronsa ya kumbura, abin da kika ɗura masa yana iya bin hanyar iska ya ƙarasa shaƙe shi.

An zuba adirenalin ɗin a cikin wata allura mai kama da ƙaton biro, wadda take harba kanta idan an danna ta, domin wanda bai taɓa yin allura ba ya iya. Likita ne yake rubuta ta, kuma gwargwadon nauyin jiki ake bayarwa. Ta yara tana ɗauke da miligiram 0.15, yawanci ga yaro mai nauyin kilo 15 zuwa wajen 30. Ta manya tana ɗauke da miligiram 0.3, daga wajen kilo 30 zuwa sama. Saboda haka yaron da aka rubuta wa ta yara yana shekara biyar, idan ya girma sai a koma a sake auna shi. Kowace ɗaya harbi ɗaya take yi, shi ya sa ake son mutum ya riƙa yawo da guda biyu.

Wadda aka fi sani sunanta EpiPen. Tana da shuɗin murfi a sama da baki ruwan lemo a ƙasa, kuma ta bakin ruwan lemon nan allurar take fitowa. Ki cire ta daga gidanta, ki damƙe ta a tsakiya da dunƙulen hannu kamar kin riƙe muciya, shuɗi yana kallon sama. Kada babban yatsanki ya hau kowane baki. Mutane da yawa a ruɗe sun juya ta sun harbi yatsansu, maganin ya tafi a banza ga kuma yatsa ya ɗauki ciwo. Ki zare shuɗin murfin da ɗayan hannun, ki ja shi sama tsaye.

Wurin da ake yi shi ne gefen cinya ta waje, tsakanin ƙugu da gwiwa, inda hannunki yake sauka idan kin tsaya kin sake shi. Naman wurin yana da kauri, jini yana gudu a cikinsa, maganin yana saurin shiga. Ba a yi a ɗuwawu, ba a yi a hannu, ba a neman jijiya. Ba sai an tuɓe kowa ba, tana ratsa zani da wando. Abin da za ki kauce wa shi ne ɗinki mai kauri, da aljihun da ke da waya ko makulli, da lalitar da muke ɗaurawa a ƙugu idan ta zamo. Ki saita bakin ruwan lemon a miƙe, ki danna da ƙarfi har ki ji ta yi ƙas. Ki riƙe ta a wurin ki ƙirga daƙiƙa 3 a hankali, sannan ki zare. Wani kamfanin launinsa daban ne. Jext, misali, murfinta rawaya ne bakinta baƙi, kuma daƙiƙa 10 ake riƙe ta. Akwai zanen yadda ake yi a jikin kowacce, a koye shi ranar da aka sayo. Idan kin manta a cikin ruɗani, ƙirga goma ba zai ɓata komai ba. Zarewa da wuri ne ke zubar da magani a waje.

Yanzu mu ɗauki misali mu bi shi daga farko. Mu ƙaddara yaro ne ɗan shekara bakwai, nauyinsa kilo 22, likita ya tabbatar yana da alajin gyaɗa, uwarsa tana da allurar yara guda biyu a jaka. An taso daga makaranta ya zo shago. Ƙarfe huɗu daidai, maƙwabcin shago ya miƙa masa yankan kilishi, shi da kyakkyawar niyya. Huɗu da minti biyar yaro ya fara sosa wuya, leɓe ya ɗan tasa. A nan uwar ta karɓe sauran, ta ciro jakar ta ajiye a gabanta, ta ba shi maganin ƙaiƙayin da likita ya rubuta, ba ta matsa ko nan da can ba.

Huɗu da minti goma ya fara tari ba ƙaƙƙautawa, ya ce "Umma" sai muryar ta fito a dushe. To an taɓa wuri biyu, maƙogwaro da ƙirji. Ba sauran jira, ba kiran Abbansa a waya a nemi shawara. Ta shimfiɗa kwali ta kwantar da shi. Wata ta danne masa ƙafar sosai, domin yaro idan ya fizge allura tana ciki, tana iya tsaga masa cinya. Ta cire murfi, ta danna a cinyar dama, ta ƙirga, ta zare. Ta dubi agogon waya ta faɗa da ƙarfi kowa ya ji: huɗu da sha ɗaya. A daidai lokacin ta nuna mutum ɗaya ta ce kai nemo mota, ta nuna wani ta ce kai kira 112. Idan aka ce "jama'a a taimaka" kowa tsayawa kallo yake yi, sai an nuna mutum da yatsa.

Bayan allurar yaron zai iya yin rawar jiki, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ya yi fayau. Aikin maganin ne, zai wuce. Abin da take kallo shi ne numfashi da murya. Huɗu da sha shida, minti biyar sun cika. Idan ya samu sauƙi, ta riƙe ta biyun a hannu a kama hanya. Idan tarin yana nan, ko ya fara laushi, ta yi masa ta biyun a ɗaya cinyar.

Ga wurin da aka fi yin asara, kuma shi ne wanda ko babu allura kowa zai iya kiyayewa: kada a tayar da shi tsaye, kada a ce ya taka zuwa bakin titi, ko da ya ce ya warke. Likitan nan da na ambata ya sake rubutawa a 2003 cewa wasu daga cikin mamatan sun cika ne jim kaɗan bayan an zaunar da su ko an miƙar da su tsaye. Dalili kuwa jijiyoyi sun saki, da ya miƙe sai jinin ya zube ƙafafu, zuciya ta buga ba komai a cikinta. Don haka a kwance zai zauna, a ɗora ƙafafunsa a kan katan ko buhu. Idan kwanciyar tana hana shi numfashi, a ɗan tada kafaɗunsa ya jingina, ƙafafu a miƙe a ƙasa. Mai juna biyu a kwantar da ita ta gefen hagu. Wanda ya suma amma yana numfashi, ko mai amai, a juya shi ta gefe. Idan numfashi ya tsaya gaba ɗaya, a fara danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi da sauri ba tsayawa har a samu ma'aikacin lafiya. Wajen fita da shi, a ɗauke shi a kwance a hannu ko a kan benci, a shimfiɗe shi a kujerar baya, ko ta mota ko ta adaidaita sahu. Ba a goya shi, ba a ɗora shi a babur.

Asibiti dole ne ko yaro ya tashi yana dariya. Ƙarfin allurar yana raguwa cikin ɗan lokaci, kuma ciwon yana iya dawowa bayan awoyi ba tare da ya sake cin komai ba. Shi ya sa ake riƙe mutum ana lura da shi, sau da yawa awa 6 zuwa 12. A tafi da allurar da aka yi amfani da ita, da sauran abincin, a faɗi lokacin da aka yi. Daga Singa, Asibitin Murtala ya fi kusa a kan Asibitin Malam Aminu Kano da ke titin Zariya. A ranar gaggawa mafi kusa ake nufa. Zancen gwaji da ganin ƙwararru, wannan na wata rana ne.

Wata za ta ce, idan na yi allurar alhali ba shi ba ne fa? Abin da zai samu shi ne rawar jiki da bugun zuciya na ɗan lokaci. Idan kuwa shi ne kika jinkirta, abin da za a rasa ba ya dawowa. Likitoci sun daidaita a kan cewa idan ana kokwanto, a yi.

Sai ajiya, domin garinmu Kano ne. Ana son maganin nan ya zauna a wurin da bai wuce digiri 25 ba, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Kada a bar shi a mota, ko a kan kanta ƙarƙashin kwano, ko kusa da murhu. Kada kuma a sa shi a firji ko cikin ƙanƙara, sanyin yana ɓata shi. A naɗe shi a tsakiyar jaka, a inuwa, a ɗakin da ya fi sanyi. Akwai 'yar taga a jikinsa. Ruwan ya zama garau kamar ruwan sha, idan ya yi ruwan shayi ko ya yi gari-gari a canja. A duba ranar ƙarewar aiki duk farkon wata, domin ba ya cika wuce shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kuma kada a kulle shi a durowa makulli yana wurin wanda ya tafi masallaci ko banki.

Na san abin da ke ranku. Wannan biron yana da wuyar samu a nan, yana da tsada, yawancin masu shi daga waje ake kawo musu. To wadda ba ta da shi ba ta rasa komai da komai ba. Adirenalin ɗin kansa yana zuwa a 'yar ƙaramar kwalba mai araha, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ma'aikacin lafiya yana zuƙa da sirinji ya yi a cinyar nan dai: babba rabin mililita, yaro ƙasa da haka gwargwadon shekarunsa. Awon nan yana son horo, kuskurensa yana da haɗari, don haka ba abin da za ki saya a kemis ki gwada da kanki ba ne sai likita ya koya miki ya yarje. Abin da ke hannunki shi ne tun ana lafiya ki taka zuwa asibitin da ya fi kusa da gida da wanda ya fi kusa da shago, ki tambaya ko suna ajiye adirenalin kuma ko suna buɗewa da dare. Ranar da abin ya faru, kina shiga ki ce "alaji ne, numfashi ya kama, adirenalin", kada ki hau layin kati.

Ki roƙi likita ya rubuta miki kati mai sunan abin da yaron ba ya ci, da Hausa da Turanci. Ɗaya a jakar makaranta, ɗaya a wurin malamin Islamiyya, ɗaya a wurin kaka, domin kakanni su ne sarakan "ɗan lasa kaɗan". Katin nan kuma shi za ki riƙa gwadawa da rubutun jikin kwalin biskit da alewa. Hukumar NAFDAC ta wajabta a jera abubuwan da aka haɗa a jikin kayan da aka rufe, kuma mu da muka zauna a aji muka koyi haɗa baƙi, ko ba mu jin Turanci za mu iya gane kalma ɗaya idan mun gan ta.

Ragowar nauyin yana kanmu masu sayarwa. Idan muka farke buhu muka ƙulla a farar leda, rubutun ya tafi da buhun. Ina kawo shawara ga shugabanni, duk 'yar ƙungiya mai cincin, kek, yaji ko garin kunu ta riƙa manna 'yar takarda: akwai gyaɗa, akwai madara, akwai ƙwai, akwai riɗi. Mudun gyaɗa da ludayinsa su zama daban. In mai saye ta tambaya da wane mai aka soya, a gaya mata gaskiya, in kuma saro shi kika yi ba ki da tabbas, ki ce mata kada ta ba yaron. Cinikin naira ɗari biyu ne zai wuce ki. Sannan a daina miƙa wa ɗan wani abin ci a kasuwa sai an tambayi uwarsa.

Shawara ta biyu, a taronmu na wata mai zuwa a gayyato ma'aikaciyar jinya ta zo da biron gwaji, wanda babu allura babu magani a cikinsa, kowace mace ta riƙe ta danna a cinyarta sau biyu, ta kuma gwada kwantar da 'yar'uwarta ta ɗaga mata ƙafa. Wadda take da yaro ko miji mai irin wannan lalura ta ba Sakatariya suna kafin a tashi, domin maƙwabtanta na shago su san jakar da za su buɗe.